Fitsari mai shaida ne na ƴan kwanaki, kada mu naɗa shi alƙali



Akwai wata magana da ke yawo yanzu a fada da majalisu da gurup-gurup na waya: wai kafin a ba yaro mata, ko a miƙa mishi makullin mota ko babur ɗin kabu-kabu, a fara kai shi a auna fitsarinshi. In takarda ta fito fara, yaron kirki ne. In ta fito da tabo, ɗan ƙwaya ne, a kore shi. Masu wagga magana ba mugaye ba ne. Iyaye ne da sunka ga abin da tiramol ya yi wa ɗiyan maƙwabta, suna tsoron kada su jefa ɗiyarsu cikin rami. Mun fahimci tsoron. Amma mu dai ba mu yarda a mai da tsinken gwaji alƙali ba, domin abin da yake gani ƙanƙane ne ƙwarai, kuma sau da yawa yakan wanke wanda ya fi kowa nisa cikin shaye-shaye, ya kama wanda ya riga ya tuba.

Maganar daga Najeriya ta tsallako. Tun da anka naɗa Janar Buba Marwa shugaban hukumar NDLEA a watan Janairu na 2021, ya sha kiran a riƙa gwajin ƙwaya kafin aure da kafin ba mutum muƙami. A Kano har an auna masu neman kujerun ƙananan hukumomi kafin zaɓen watan Oktoba na 2024, hukumar ta ce mutum 20 gwajin ya kama. Abin da anka fara a Kano kuwa ba ya daɗewa bai iso Maraɗi ba, in ya iso Maraɗi to ya iso mu. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gara mu san mi gwajin nan yake iya faɗi tun kafin a fara raba aure da shi.

Mu fara da yadda ƙwaya ke fita daga jiki. In mutum ya haɗiye ta, jini ya ɗauke ta, hanta ce ke sarrafa ta, ta farfasa ta, ƙoda kuma ta tace ɓurɓushin ta zuba a fitsari. Tsinken gwaji ba maye yake aunawa ba. Wannan ɓurɓushin yake nema, kamar mai duba toka don ya san an hura wuta a wuri. Toka tana iya nuna an yi wuta, amma ba ta faɗin wa ya hura, ko don mi, ko sau nawa.

Kuma ƙwaya ba ta fita gaba ɗaya lokaci guda. Rabi-rabi take fita. Kowace ƙwaya tana da nata lokacin da rabinta ke barin jini. Na tiramol wajen awa 6 ne. Mu ɗauki misali da ƙwayar da ake sayarwa a bayan fage, mai miligiram 225, wadda ta fi ta asibiti mai 50 ƙarfi fiye da sau huɗu. Saurayi ya sha guda ranar Litinin da ƙarfe 6 na safe zai tafi gona. Da tsakar rana saura kamar 112 a jikinshi. Da ƙarfe 6 na yamma saura 56, tsakar dare 28, safiyar Talata 14. Safiyar Laraba abin da ya rage bai kai miligiram ɗaya ba. Ɓurɓushin da hanta ta fitar yana ɗan ƙara jimawa, shi ya sa tsinke ke iya ganin alama har Laraba ko Alhamis. Daga nan shiru. Ke nan tiramol, wadda ita ce babbar masifarmu a ƙasar nan, kwana 1 zuwa 4 kawai take bayyana a fitsari.

Kodin, ta cikin maganin tarin nan da Najeriya ta hana haɗawa da shigowa da shi a watan Mayu na 2018, ta fi tiramol ma saurin fita: kwana 1 zuwa 3. Hodar iblis kwana 2 zuwa 4, sai ga mai shanta kullum da yawa, wanda tana iya kai mishi kwana 10 ko fiye. Giya kuwa, ita kanta ba ta wuce wuni guda a fitsari, sai in an yi wani gwaji na musamman da ke ganin ɓurɓushinta kwana 2 zuwa 3.

Biyu ne ke daɗewa. Ta farko diyazefam, wadda samari ke kira D5. Rabinta yana ɗaukar kwana 1 zuwa 2 kafin ya fita, sannan hanta tana juya ta zuwa wani abu da shi ma yake aiki a jiki, kuma ya fi uwar tashi daɗewa. Wanda ya sha ta ƴan kwanaki ana iya ganinta har kwana 10, wanda ya daɗe yana sha kuwa har wata guda ko ya ɗan ɗara.

Ta biyu ita ce wiwi, kuma nan ne mutane sunka fi ruɗewa. Sinadarin wiwi ba ya son ruwa, kitse yake so. In an sha, sai ya shige cikin kitsen jiki ya kwanta, yana tsiyayowa cikin jini kaɗan-kaɗan, kamar yadda man gyaɗa ke kama ƙwarya, ko an wanke sai an daɗe ana jin maiƙo. Wanda ya busa sau ɗaya, cikin kamar kwana 3 ya fita daga idon tsinke. Mai sha sau uku ko huɗu a sati, kwana 5 zuwa 7. Mai sha kullum, kwana 10 zuwa 15. Wanda ya shekara da shekaru yana sha safe da yamma, yana iya wuce kwana 30 bayan ya bari, fitsarinshi na nuna alama, alhali mayen ya sake shi tun ranar farko.

To ku dubi abin da wannan ke haifarwa. Mu ɗauka, a misali, samari uku ne ke neman aure a gida ɗaya, anka ce su je a auna su ranar Asabar mai zuwa, anka faɗa musu tun sati guda kafin nan.

Na farko ɗan tiramol ne na gaske. Shekara uku yana shan 225 guda biyu kullum, ya wuce iyakar miligiram 400 da likitoci sunka yanke a rana, har ya taɓa faɗuwa yana farfaɗiya a gona. Ya ji ranar gwaji, ya cije ya kwanta a ɗaki ƴan kwanaki yana zufa da ciwon gaɓɓai, ya ce wa mutanen gida masassara ce. Ranar Asabar takardarshi ta fito fara fat. Ranar Lahadi ya koma ruwa.

Na biyu ya daɗe yana shan wiwi a wurin biɗa. Ya dawo gida, ya yi niyya, ya bari, yau sati uku cur bai kusance ta ba. Ranar Asabar tsinke ya kama shi, don kitsen jikinshi bai gama sakin tsohon abu ba.

Na uku bai taɓa shan komi don maye ba. Haƙori ya hana shi barci ranar Alhamis, likita ya rubuta mishi maganin ciwo mai haɗe da kodin, ya saya a farmasi ya sha yadda anka ce. Ranar Asabar shi ma tsinke ya kama shi.

In takarda ce alƙali, wa za a ba yarinya? Na farko. Wanda ya tuba an kunyata shi, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba an laƙa mishi sunan da zai bi shi har tsufa, ɗan ƙwayar na gaske kuma ya samu takardar shaida da tambari a hannu. Tsinken bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Tambayar da ya amsa ita ce: akwai wannan ɓurɓushin a cikin wanga fitsarin yau? Mu ne munka ɗora mishi tambayar da ba tashi ba, wato wane irin mutum ne wannan.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma masu kiran a yi gwaji ba su cika faɗinshi ba. Katin gwaji yana da layuka, kowane layi da abin da yake nema, an rubuta a kai da haruffa: THC na wiwi, OPI ko MOP na dangin kodin da mofin, BZO na dangin diyazefam, COC na hodar iblis, AMP na ƙwayoyin hana barci. Tiramol ba ta cikin ko ɗaya daga waɗannan. Ko da yake ana lissafa ta cikin dangin kodin wajen aiki, ƙirarta daban ce, layin OPI ba ya gane ta. Sai katin yana da nashi layin na musamman, wanda ake rubuta TRA ko TML. Katuna da yawa an ƙera su ne don ƙasashen da damuwarsu ba tiramol ba ce. Ke nan yaro yana iya shan 225 da safe, a auna shi da hantsi da katin da babu wannan layi, ya fito fari. Haka ekzol, haka sholisho da ake shaƙa: katin yau da kullum ba ya ganinsu sam. Duk wanda ya nuna muku takarda ya ce ba a ga komi ba, tambaya ta farko ita ce: mi da mi anka nema?

Yanzu mu zo kan abin da ke gajarta kwanakin ko ya tsawaita su, don alƙaluman da munka kawo ba ƙa'idar da ba ta motsi ba ce.

Babban abu shi ne yawan sha da daɗewa ana sha. Wanda ke ƙara wata ƙwaya kafin ta jiya ta gama fita, tarawa yake yi, kamar mai zuba ruwa a randa mai ɗan yoyo fiye da yadda take zubarwa. Ranar da ya bari, randar cike take, dole ta ɗauki lokaci. Wannan ya fi tsanani ga wiwi da diyazefam, masu kwanciya cikin kitse, shi ya sa mai jiki yakan fi siriri daɗewa da su.

Na biyu lafiyar hanta da ƙoda. Tiramol ta ƙoda take fita kusan duka. Mai ciwon ƙoda, ko wanda ciwon hanta ya ci, ko tsoho, jikinshi yana jinkirin fitarwa, awa 6 ɗin nan tana iya ninkawa. Har tsakanin masu lafiya akwai bambancin halitta: sinadarin hanta da ke sarrafa tiramol da kodin yana da sauri ga wasu, yana da nawa ga wasu, abu ne na gado. Mutum biyu su sha ƙwaya iri ɗaya rana ɗaya, a auna su rana ɗaya, ɗaya ya fito da alama ɗaya babu.

Na uku mizanin katin kanshi. Tsinke ba ya cewa akwai ko babu, cewa yake yi abin ya kai wani awo ko bai kai ba. Ga wiwi, awon da anka fi amfani da shi nanogiram 50 ne a cikin mililita guda na fitsari. Mai 49 fari ne, mai 51 an kama shi. Ga dangin kodin akwai kati mai awo 300, akwai mai 2000. Fitsari ɗaya, wannan kati ya kama, wancan ya sake. Wannan awon ne kuma ya sa wanda ya zauna kusa da masu busa wiwi a fili, hayaƙi ya ɗan taɓa shi, ba ya kai 50. Sai dai in an kulle shi da su a ƙaramin ɗaki marar iska na tsawon lokaci. Don haka uzurin “a fada na zauna kawai” bai cika tsayawa ba, mu faɗi gaskiya ta kowane ɓangare.

Na huɗu, wanda ya shafe mu nan ƙasar rana, shi ne kaurin fitsari. Mutumin da ya wuni a gona cikin zafin bazara, ko mai azumi da la'asar, fitsarinshi kaɗan ne, ja, mai kauri, ɓurɓushin ya taru wuri guda. Wanda ya sha ruwa sosai, nashi ya tsinke. Ga tsohon mashayin wiwi da ya bari, wanda awonshi ke yawo kusa da 50, wannan yana haifar da abin mamaki: a auna shi yau ya fito fari, a sake aunawa bayan kwana uku da fitsarin asuba ya fito da alama, alhali bai sake sha ba. Wanda bai san wannan ba sai ya ce yaro ya koma, ya kira shi maƙaryaci. Yaro nawa ne za su ce, tunda ko na bari ba a yarda ba, gara in koma?

Nan ne kuma wasu ƴan kasuwa ke shigowa, kuma su ne kashi na biyu da muke faɗa da su. Duk inda anka kafa gwaji, sai an samu mai sayar da maganin wanke jini. Wani ya ce jiƙon tsamiya, wani lemun tsami da kanwa, wani madara, wani ƙwayar sa fitsari, wani ya ce a sha jarka guda ta ruwa kafin a shiga. Jama'a, hanta ba ta karɓar cin hanci. Babu jiƙon da ke shiga cikin kitse ya kwaso sinadarin wiwi, babu saiwar da ke mai da awa 6 ta zama awa ɗaya. Iyakar abin da ruwa mai yawa ke yi shi ne ya tsinka fitsari na ƴan awowi, kuma masu aikin laburatuwar sun san da haka tun tuni. Akwai wani sinadari, kiriyatinin, da tsokar jiki ke fitarwa kullum cikin fitsari. In anka auna ya gaza miligiram 20 a cikin desilita, an san fitsarin tsinkakke ne, sai a sa mutum ya sake. Ana kuma duba ɗuminshi cikin minti 4 da bayarwa: in bai faɗo tsakanin digiri 32 da 38 ba, an san ba daga jikin nan ya fito yanzu ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kuma abin bai tsaya ga asarar kuɗi ba. Ɗura wa ciki lita da yawa na ruwa cikin awa ɗaya ko biyu yana tsinka gishirin jini, ƙwaƙwalwa ta kumbura, mutum ya yi amai, ya ruɗe, ya faɗi yana shure-shure, wani ma ya mutu. Ƙwayar sa fitsari ba da izinin likita ba tana tsotse ruwa da gishirin jiki, tana wahalar da ƙoda. Sannan wanda ya daɗe yana shan diyazefam, in ya yanke ta rana ɗaya don tsoron gwaji, yana iya kamuwa da farfaɗiya mai hatsari. Irin wannan a hankali ake rage mishi, a hannun likita. Mai sayar da jiƙo ba zai faɗa muku haka ba, shi jikarshi biyu kawai yake so.

Sai kuskuren tsinken kanshi. Tsinke yana gane ƙwaya ne ta kamanninta, kuma akwai magungunan asibiti masu kama da abin da yake nema. Rifamfisin, na tarin fuka, an san yana iya tayar da layin OPI. Haka wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su ofuloksasin. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci suna tayar da layin AMP. Efabirenz, ɗaya daga magungunan da ake ba masu ɗauke da sida, an san shi da tayar da layin wiwi a wasu katuna. Ku yi tunanin mutumin da ke shan maganinshi a ɓoye, yana kiyaye lafiyarshi da ta iyalinshi, anka kama shi a gaban dangin yarinya: ko ya yarda shi ɗan wiwi ne, ko ya tona cutar da ba dolenshi ba ne ya faɗa wa taron jama'a. Shi ya sa a ƙa'idar aikin, abin da tsinke ya nuna zato ne kawai. Ba a yanke hukunci sai an aika fitsarin babban laburatuwar an tabbatar da na'ura irin wadda ake kira GC-MS, mai rarrabe kowane sinadari da sunanshi. Wannan ba aikin ƙaramin asibitin ƙauye ba ne, balle zauren gidan baban yarinya.

Ko karanta tsinken ma akwai tarko. Mun saba da na ciki da na masassarar cizon sauro, inda layi biyu ke nufin akwai. Na ƙwaya akasin haka ne: layi biyu na nufin ba a gani ba, layi ɗaya a wurin harafin C kaɗai shi ne an gani. Layi na biyu ko da dishi-dishi ya fito, ana lissafa shi ba a gani ba. In babu layi a wurin C, katin ya lalace, ba a aiki da shi. Ana karantawa ne a minti 5, in an wuce minti 10 ba a dogara da shi. Katin da ya kwana cikin zafin rumfar kwano, ko wanda kwanakinshi sunka ƙare, shi ma ba abin dogaro ba ne. Wanda ya sayo tsinke ya auna ɗanshi a gida da ilimin tsinken ciki, zai karanta komi a juye, ya doki mai gaskiya.

Za a ce mana: to ku masu rediyo, so kuke a bar yara su lalace? Ko kuwa kuna koya musu kwana nawa za su jira ne? Amsarmu ita ce, ɗan ƙwaya ya riga mu sanin kwanakin nan, a fada ake koyar da su kyauta. Iyaye ne ba su sani ba, kuma su ake yaudara da farar takarda. Gwaji yana da wurinshi, ba mu ce a jefar da shi ba. Yana da amfani ga likitan da anka kawo mishi yaro a sume yana son ya san mi ya sha. Yana da amfani ga wanda ya shiga hanyar bari da yardarshi, ana auna shi sau da yawa ba tare da sanar da rana ba, wata da watanni, mutum guda yana bin sakamakon yana kallon inda ya dosa. Gwaji goma cikin wata shida suna ba da labari. Gwaji ɗaya da anka sa wa rana tun sati guda, abin da yake aunawa kawai shi ne ko mutum zai iya daurewa kwana biyar.

Don haka ga abin da muke kira a kai. In har wani gida, ko mai mota, ko wata hukuma ta ce sai an yi gwaji, to a yi shi a hannun ma'aikacin lafiya, ba a hannun kawu ko maƙwabci ba. A tambayi mutum magungunan da ya sha cikin sati biyu da sunka wuce, a rubuta tun kafin ya ba da fitsarin, ya zo da takardar likita ko kwalin maganin. A duba katin a ga ko akwai layin tiramol. In alama ta fito, ta tsaya tsakanin majo da mai fitsarin har a tabbatar, kada ta riga shi isa gida. Wanda ya ce ya bar wiwi, a ba shi wata guda zuwa sati shida a sake aunawa kafin a kira shi maƙaryaci. Kuma farar takarda kada ta hana binciken da kakanninmu ke yi tun kafin a ƙera tsinke: wa yake zama da su, ina kuɗinshi ke tafiya, yaya barcinshi, yana iya wuni a gona ba tare da ya aiki yaro wurin mai tebur ba? Abokan aikinshi sun san amsa, mai shayin fadarsu ya sani. Shaidar shekara uku ta fi shaidar kwana uku.

Wata tambaya kuma da tsinke ba zai taɓa amsawa ba: ta ina ƙwaya mai 225 ke shigowa har ta iso tebur a kasuwannin ƙauye, a sayar wa yaro ɗan shekara 15 kamar alawa? A watan Maris na 2021 hukumar OCRTIS ta kama tan 17 na wiwi a Yamai, abin da ya nuna girman fataucin da ke ratsa ƙasar nan. Auna fitsarin talaka ya fi sauƙi a kan tare mai kawo kaya, shi ya sa ake son a tsaya nan. Mu ba za mu tsaya nan ba.

Ku kuma samari, kada ku karanta wannan ku ce mun ba ku mafita. Fitsari yana mantawa cikin kwana huɗu, amma ƙwaƙwalwar da ta saba da tiramol ba ta mantawa da wuri haka, kuma farfaɗiyar da take kawowa ba ta tambayar ko takardarka fara ce. Wanda ke son bari ya je asibiti ya faɗa wa majo gaskiyar abin da yake sha da yawanshi, a tsara mishi yadda zai rage. Iyaye kuma, in ɗanku ya zo da wagga magana, ku raka shi, kada ku fara da gori.

Ku karanta wa waɗanda ba su karatu, musamman iyayenmu mata da masu shirin aurar da ɗiya bayan kaka. Wanda ke da ja a kan abin da munka faɗa, fili a buɗe yake, ya kawo hujjarshi mu tattauna. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare mu da zaluntar wanda bai ji ba bai gani ba. Wassalam.